Ku Ajiye Sikeli: Zumunci Ba Awon Gero Ba Ne

Akwai wata sabuwar sana'a da ta shigo fadojinmu na Sabon Gari, kuma tun da ni ma na taɓa yin ta har na kusa asarar aboki, ina ganin ina da bakin magana a kanta. Sana'ar ita ce ƙirga. Mutum ya zauna da salularsa, shayi na dahuwa, ya buɗe hirarsa da abokinsa a WhatsApp yana ja sama yana lissafi: wa ya fara magana ranar Litinin, wa ya fara ranar Laraba, saƙona layi shida, nasa kalma biyu. In ya gama sai ya ɗaga kai ya yanke hukunci: "Ka gani ko? Ni kaɗai ke wannan abotar." Na ji wannan magana a bakin samari, na ji ta a bakin ƴan mata, na ji ta a harabar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo daga bakin waɗanda suka ci jarrabawar lissafi da maki mai kyau, waɗanda ya kamata a ce sun fi kowa sanin cewa lamba ba ta faɗin abin da ba a tambaye ta ba.

Abin da nake son in ce shi ne, wannan ƙirgar ba ta auna zumunci. Tana auna wa ke da kiredi, wa ke da rezo, wa rubutu ya fi wa sauƙi, sannan tana auna dokar da mai ƙirgar ya kafa da hannunsa ba tare da ya lura ba. Bari in nuna muku da tawa wautar.

Ina da aboki a Jiratawa. Tare muka yi kolej a nan Maradi, yana zaune gidan baffansa, daga baya ya koma gida yana taya mahaifinsa noman rani a filayen ban ruwan nan. Ni na ci gaba da karatu. Wata rana raina ya ɓaci don na ga kamar kullum ni ke nemansa, sai na ce bari in daina zato, in kawo hujja. Na shiga hirarmu, na danna ɗigo ukun nan na sama, na nemi `Exporter discussion`, na zaɓi a fitar ba tare da hotuna da muryoyi ba. Salula ta ba ni takarda mai layi-layi, kowane layi da kwanan wata, da lokaci, da sunan mai magana. Na ɗauki kaye da biro na ware wata uku. Na samu hira 31. Ni na fara 24, shi ya fara 7. Kashi 77 cikin ɗari ke nan a wuyana. Da na ƙirga kalmomi kuwa, nawa sun haura dubu huɗu, nasa ba su kai ɗari bakwai ba. Wallahi a daren nan na ji kamar alƙali.

To amma tsaya. Mene ne "hira 31"? WhatsApp bai raba maganarmu gida-gida ba. Zare ɗaya ne dogo tun ranar da muka ajiye lambar juna. Ni ne na yanka shi, kuma don in yanka sai da na ƙirƙiro doka: in aka yi awa 24 ba wanda ya ce uffan, saƙon da ya biyo baya sabuwar hira ce. Daga ina na samo 24? Daga kaina. Ba wanda ya saukar da ita. Duk wanda ke wannan ƙirgar yana da irin wannan doka, ko ya san da ita ko bai sani ba, kuma ita ke yanke shari'ar tun kafin a fara ƙirga.

Ga saƙonni biyar daga cikin waccan takarda, ku duba da kanku. Litinin ƙarfe 9 na dare na rubuta masa. Ya amsa Talata ƙarfe 6 da rabi na safe, bayan awa tara da rabi. Na mayar ƙarfe 1 na rana, bayan awa shida da rabi, don ina aji. Ya sake magana ƙarfe 10 na dare, bayan awa tara. Na amsa bayan minti goma. Ƙarshen zance ke nan.

In dokarka awa 24 ce, duka biyar ɗin hira ɗaya ce, kuma ni na fara ta: ni ɗaya, shi sifiri, mugun aboki. In ka sauko da dokar zuwa awa 8, saƙonsa na safe sabuwar hira ne, na dare ma haka, nawa na ƙarfe 1 kuwa amsa ce kawai: ni ɗaya, shi biyu, ashe ni ne mai sakaci. In ka ce awa 6, nawa na rana ma ya shiga lissafi: biyu da biyu, abota ta daidaita kamar an aza ta a sikelin mai goro. Saƙo biyar, mutum biyu, hukunci uku. Ba abin da ya canza cikin zuciyar kowa, lamba ɗaya ce na juya a kayena. Kuma ku gaya mini gaskiya, mutumin da ya zauna ƙirga da fushi a ransa, wace doka kuke jin zai zaɓa?

Wannan ita ce matsalar farko, kuma da ita kaɗai ta isa. Ta biyu ta fi ban haushi, don ita ce ta sa na ji kunya. A cikin takardar nan, layuka da yawa na abokina ga yadda suke:

```
Shi: <Médias omis>
```

Layi 58 na ƙirga irin wannan. Kowane ɗaya saƙon murya ne, bokal. Mutumin nan ya bar lakwal da wuri, rubutun boko yana yi masa nauyi, ga hannu cikin laka tun safe, don haka danna makirfo yake ya yi magana. Na koma na saurari guda ɗaya mai minti biyu da daƙiƙa arba'in, na rubuta shi da biro kalma bayan kalma, ya haura kalma ɗari uku. A ciki ya gaida ni, ya tambayi jikin innata da sunan ciwon da ke damunta, ya ba ni labarin farashin zogale, ya yi mini tsiya a kan wata yarinya, ya ce in na zo in taho masa da caja. A lissafina duk wannan ya zama kalma biyu, kuma kalmomin ma ba nasa ba ne, na Faransanci ne da na'ura ta rubuta. Saƙon murya ya shigo WhatsApp tun 2013, kuma a 2022 kamfanin da kansa ya ce ana aika kusan biliyan 7 a kowace rana. A ƙasa irin tamu, inda mutane da yawa bakinsu ya fi alƙalaminsu kaifi, wanda ya auna abota da yawan kalmomin rubutu jarrabawar dikte ya shirya wa abokinsa, ba tare da ya gaya masa ba.

Ko a rubutun ma tsawo ba ya nufin abin da kuke zato. Wa kake rubuta wa "Assalamu alaikum, barka da warhaka, da fatan kana lafiya, ya gida ya iyali, dama wata ƴar magana ce"? Malaminka, ko yayan budurwarka, ko wanda za ka roƙa rance. Wa kake rubuta wa "Kana ina" ba ko alamar tambaya? Wanda in ya ga haka ya san ka ɗora shayi. Sau da yawa gajartar saƙo alamar kusanci ce, don an wuce matakin gabatar da kai. Akwai kuma masu danna aikawa bayan kowace kalma uku, maganar da wani zai yi a saƙo ɗaya su yi ta a bakwai. A ƙirgar yawan saƙo su ne gwanayen zumunci, alhali yatsa ne kawai ba ya haƙuri.

Sai kuma kuɗi, wanda masu ƙirga ba sa son a ambata don yana ɓata musu lissafi. Ni a Sabon Gari nake, in forfena ya ƙare akwai mai sayar da kati a bakin layi, akwai abokin da zai buɗe mini nasa in jona. Saƙo a wurina kusan kyauta ne. Shi kuwa sai ya ware dala ashirin ko dala arba'in ya sayi mega, ya kunna data, ya ga abin da ya taru, ya amsa, ya kashe. Wanda datarsa ke kunne dare da rana shi zai riƙa fara magana, ko yana son ka ko zaman banza ne ya ishe shi. Wanda ke kunnawa sau biyu a rana kuwa, duk sanda ya shigo zai tarar an riga shi. Ta yaya zai "fara" hira alhali saƙonka na zaune yana jiransa? Ni da nake aika masa kowane abin dariya da na gani, ni ne na hana shi damar farawa, sannan na koma na rubuta masa laifin rashin farawa.

Kuma yana da tasa hanyar farawa da takardata ba ta gani. Bip. Ya kira, ta yi ƙara sau ɗaya, ya katse. Wani mai bincike, Jonathan Donner, ya yi rubutu a 2007 a kan ƙa'idojin wannan al'ada bayan ya yi hira da masu salula a Ruwanda, ya nuna cewa bip na iya nufin "kira ni", ko wani saƙo da aka riga aka shirya, ko kuma "ina tune da kai" kawai, kuma galibi wanda ya fi kuɗi ake sa ran ya kira. Mu ba mu bukaci bincike kafin mu san wannan ba, kakanninmu ma sun iya. Amma bip ta layin waya yake bi, ba ya shiga hirar WhatsApp, don haka a kayena bai taɓa faruwa ba.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an ce. Wata ƴar uwa a wannan ƙungiya tamu, wadda alƙalaminta ya fi nawa, ta tare ni ta ce: "Malam, kai kana magana kamar ba a cutar mutane. Akwai ƙawar da shekara biyu ni ke riƙe da ita. In ban ƙirga ba, ta yaya zan san ba zuciyata ke yi mini ƙarya ba?" Wannan tambaya ce ta gaske, kuma tana da goyon baya. A 1979 wasu masana halayyar ɗan Adam a Kanada, Michael Ross da Fiore Sicoly, sun tambayi ma'aurata, kowa shi kaɗai, nawa ne kasonsa a ayyukan gida. Da aka haɗa amsar miji da ta mata, a yawancin ayyukan jimillar ta wuce ɗari bisa ɗari. Dalilin mai sauƙi ne: kowa ya fi tuna abin da shi ya yi, don yana wurin lokacin da ya yi shi. To in ƙwaƙwalwa na yin son kai haka, ba gara a dogara da takarda ba?

Amsata ita ce takardar ma irin wannan son kan gare ta, sai dai ta sa riga mai tsabta. Tana adana abin da aka yi ta hanyar da ka fi ƙwarewa a kai, tana zubar da sauran. Ranar da abokina ya aiko mini da buhun albasa ta hannun mai mota, babu layinta. Daren da ya kwana tare da ni a asibiti ina jinyar ƙanena, babu layinsa, hasali ma a takardar wannan daren shiru ne, kamar mun yi faɗa. Duk lokacin da kuke tare da mutum ido da ido, salula na rubuta cewa ba ku kula juna ba.

Wani kuma ya ce mini ai Bahaushe bai taɓa jin kunyar ƙirga a zumunci ba, in duba biki. Gaskiya ne. Iyayenmu mata a Maradi da Tibiri sun san abin da kowace ƙawa ta kawo ranar suna ko ranar aure, wasu har a kaye suke rubutawa, kuma in nata ya zo a mayar mata da abin da ya fi. Barbara Cooper ta yi bayanin wannan a littafinta kan aure a Maradi da ya fito a 1997. Amma ku dubi bambancin. A biki kowa ya san ana ƙirgawa, kowa ya san abin da ake ƙirgawa, kuma dala ɗari dala ɗari ce a hannun kowa. Ana ba mutum shekaru kafin ya rama, kuma in shekarar ta zo mata da wuya ana sani, ana ɗaga mata ƙafa. Taku ƙirgar a ɓoye ake yin ta, da ma'aunin da ɗayan bai taɓa jin labarinsa ba, a yanke hukunci cikin mako biyu. Wannan ba biki ba ne, tarko ne.

Kuma ƙirgar kanta tana canza mai yin ta. Margaret Clark, wata masaniya a Amurka, ta yi wani gwaji da aka buga a 1984: mutum biyu su yi aiki a takarda ɗaya suna zagaye lambobi, za a ba su lada tare, ga biro kala biyu a ajiye. Waɗanda ba su san juna ba sun fi ɗaukar biro mai kalar da ta bambanta da ta ɗayan, don a gane aikin kowa. Abokai kuwa ba su cika damuwa da hakan ba. Ranar da na ɗauki kaye na raba shafi biyu, "ni" da "shi", na riga na ɗauki biro mai wata kala. Sakamakon da na samu daga baya bai yi ɓarnar da wannan layin da na ja a tsakiyar shafi ya yi ba.

Daga ƙirga sai gwajin shiru, don ɗaya ke haifar da ɗaya. Ka ce bari in yi shiru in ga ko zai neme ni. Na yi. Kwana 19. A ciki ya yi mini bip sau biyu, na gani, na ce wannan ba ya cikin lissafi. Ku lura da rashin hankalin gwajin: in ku biyu kuka yi shi lokaci ɗaya, kowa zai samu hujjar cewa ɗayan bai damu ba, kuma duka biyunku kun yi kuskure. In kuma mutum ya saba shekara uku kai ke fara magana, shirunka ba ya ce masa "neme ni". Yana iya ce masa kana jarrabawa, ko ka samu sababbin abokai ƴan jami'a kada ya dame ka. Wanda ya bar karatu yana kallon wanda ya ci gaba, wannan tunani na biyu ba ya nisa da shi. Mu da aka raina a kan cewa ƙarami ke gaida babba, mai tafiya ke gaida na zaune, kuma a cikin mutum biyu da suka ƙaurace wa juna wanda ya fara sallama shi ne mafi alheri, yaushe muka mayar da fara gaisuwa ta zama faɗuwa?

Ranar Juma'a ta uku sai ga shi a ƙofar gidanmu, ya biya kabu-kabu tun daga Jiratawa. Ya ce, "Kai, lahiya? Na yi ta bip ba ka kira ba, na ce ko inna ce jikin ya tashi." Ban iya gaya masa cewa ina da kaye ba. Na ce karatu ne.

Kada wani ya ɗauka ina cewa duk abota daidai take. Akwai masu cin mutane, kuma na san ɗaya. Wani ɗan ajinmu daga Tibiri, da na gwada hirarmu da irin waccan doka ta awa 24, mun fito kusan rabi da rabi, saƙonninsa dogaye masu ladabi. A sikelinku shi ne aboki na gari. Amma da na karanta abin da ke cikin saƙonnin maimakon in ƙirga su, kowane farawa nasa da buƙata yake ƙarewa: hoton darasin da bai zo ba, kiredin dala ɗari, lambar wani. Ban samu wuri ɗaya da ya koma kan wata magana da na taɓa gaya masa game da kaina ba. Sikelin ya wanke wanda ke amfani da ni, ya kama wanda ya biya kuɗin mashin don ya duba innata. Ma'aunin da ke kuskure ta gefe ɗaya ana iya gyara shi. Wanda ke kuskure ta gefe biyu, jefar da shi ake.

In har akwai abin da tsarin saƙonni ke iya nunawa, ɗan kaɗan ne, kuma ba ta hanyar gwada ka da shi ba. Gwada shi da shi kansa. Wanda ya saba aiko bokal uku a mako sai ya koma ɗaya a wata, wani abu ya canza. Lambar ba ta san mene ne ba: ko salula ta lalace, ko damina ta kama, ko rashin lafiya a gida, ko aure, ko kuma da gaske ya gaji da kai. Duk waɗannan sura ɗaya suke fitarwa a takarda. Abin da zai bambance su tambaya ce, da baki, irin wadda ake jin kunyar yi: "Na ga kwana biyu ka yi sanyi, lafiya, ko na yi maka wani abu?" Ga ƴar uwata mai ƙawar shekara biyu, abin da na ce mata ke nan. In ta tambaya aka share ta, ta sake tambaya aka share, to ta samu amsa daga bakin mutum, kuma tana da ikon ta saki. Ta ce mini wannan ya fi ƙirga wuya. Na ce na sani, shi ya sa muka fi son ƙirgar.

Kayen yana nan, ban yaga ba, na ci gaba da rubuta darasin tattalin arziki a bayan shafin. Cajar da ya ce in taho masa da ita cikin wancan bokal ɗin, sai bayan wata biyu na kai, don lokacin da ya aiko saƙon ban saurare shi har ƙarshe ba.